Injin ɗaya, bashi daban: yadda ake yi wa kamfani kuɗi da farashin takwarorinsa

Kuskuren da nake yawan gani idan mutanenmu sun zo sayen kamfani ko shiga haɗin gwiwa shi ne sai su ɗauko farashin hannun jarin wani kamfani da ke kasuwa, su raba da ribarsa, su ce to ai wane ana sayar da shi ninki goma na riba, don haka namu ma ninki goma ne, shikenan an gama. Wannan lissafin yana cin kuɗin mutane sosai wallahi, kuma dalilin guda ɗaya ne, bashi. Kamfani biyu za su iya zama iri ɗaya sak a injina da ciniki da ma'aikata amma ɗaya banki na binsa biliyoyi ɗayan kuma ko sisi ba a binsa, to ribar da ta rage wa masu shi ba za ta taɓa zama ɗaya ba, haka ma farashin hannun jarinsu.

Ka ɗauki adaidaita sahu guda biyu, shekararsu ɗaya, layinsu ɗaya, kowacce abin da take kawowa a rana ɗaya ne. Ta farko mai ita ya biya kuɗinta tas, ta biyu kuma saura rabin balas ake bin mai ita. In ka tambayi kuɗin mashin ɗin kansa, amsa ɗaya ce a duka biyun. In kuma ka tambayi nawa ne zai shiga aljihun mai ita ranar da ya sayar, to na biyun sai an fara cire abin da ake binsa. Tambaya biyu ce daban, kuma duk rikicin da ake yi a wannan fanni daga cakuɗa su yake tasowa. Kuɗin mashin ɗin kansa shi ne abin da masu harkar ke rubutawa EV, wato darajar sana'ar gaba ɗayanta ba tare da duba da kuɗin wa aka kafa ta ba. Abin da ya rage bayan an sallami masu bin bashi shi ne darajar hannun jari.

```
EV = market cap + debt + leases + minority interest - cash
Equity value = EV - debt - leases - minority interest + cash
```

Layin farko yana cewa ka ɗauki kuɗin duk hannun jarin kamfani a farashin kasuwa na yau, ka ƙara bashin da ake binsa, da nauyin hayar da ya ɗaure kansa da ita ta shekaru, da kason wasu mutane a cikin ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashinsa, sannan ka cire tsabar kuɗin da ke asusunsa. Ana cire tsabar ne saboda in ka sayi kamfani da miliyan ɗari ka tarar da miliyan ashirin a akawun ɗinsa, ai tamanin ka biya a zahiri. Abin da ake raba EV da shi kuma shi ne EBITDA, ribar aiki kafin a cire kuɗin ruwa da haraji da tsufan injina. An zaɓe ta ne don ita ce ribar da kowa ke da haƙƙi a ciki, banki da masu hannun jari duka, kafin a fara rabo. Ƙa'idar kenan, sama da ƙasa su dace, in saman na kowa ne to ƙasan ma ya zama na kowa. Wanda ya raba kuɗin hannun jari kaɗai da EBITDA, ko ya raba EV da ribar ƙarshe, ya haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Bari in nuna da lambobi me ya sa ninkin riba, wanda ake rubutawa P/E, yake yaudara. Lambobin misali ne na tsara don a ga yadda abin ke tafiya. Kamfani biyu, kowanne EBITDA ɗinsa naira biliyan 10, tsufan injina biliyan 2, saura 8, kuma kowanne darajarsa gaba ɗaya biliyan 50. Na farko ba shi da bashi, a cire masa haraji kashi 30, riba ta rage biliyan 5.6, hannun jarinsa duka 50 ɗin ne, ninkin ribarsa ya kama kusan 8.9. Na biyu ana binsa biliyan 20 a kan ruwa kashi 25, wato biliyan 5 duk shekara na tafiya banki, saura 3, bayan haraji 2.1, hannun jarinsa kuma 30 ne tunda an cire bashi, ninkin ribarsa ya tashi 14.3. Sana'a ɗaya, inji ɗaya, amma wani zai kalli allo ya ce na biyun ya yi tsada sosai. Yanzu ka mayar da kamfanin nan na biyu ƙasar da ruwa yake kashi 5, kuɗin ruwa ya koma biliyan 1, riba 4.9, ninki ya faɗo 6.1, sai kuma a ce ya fi na farkon araha. Kaga bashin nan ɗaya, a wani wuri yana ɗaga ninkin a wani wuri yana saukar da shi. Wannan ne ya sa nake jan kunnen masu karanta littattafan da aka rubuta don kasuwar Amurka ko Turai su zo su ɗora a nan, can an saba cewa mai bashi ninkin ribarsa ƙasa yake, mu kuma a lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai, abin juyewa yake yi. Amma a duk yanayin ukun EV a kan EBITDA biyar ne, bai motsa ba.

To mu shiga ainihin aikin. A ce akwai wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, irin na yankin Sharaɗa ko Bompai, ba ya kasuwar hannun jari, iyalan da suka kafa shi suna so su sayar da shi, EBITDA ɗinsa na shekarar da ta wuce biliyan 4. Ba shi da farashi a allo don haka dole a nemo takwarorinsa da ke da farashi, masu sarrafa abinci da ke sayen amfanin gona suna sayar wa diloli, kasuwarsu da haɗarinsu kusa da nasa. A ce mun samu uku.

Na farko hannun jarinsa a kasuwa biliyan 60, bashi 5, tsaba 11, EV ya zama 54, EBITDA 9, ninki 6. Na biyu hannun jari 40, bashi 18, tsaba 3, EV 55, EBITDA 10, ninki 5.5. Na uku hannun jari 9 kacal, bashi 33, tsaba 2, EV 40, EBITDA 10, ninki 4. Duba abin da ya faru, da kuɗin hannun jari kawai muka raba da EBITDA da mun samu 6.7 da 4 da 0.9, lambobin da ba wanda zai iya fitar da ma'ana daga cikinsu, amma da aka mayar da bashi ciki aka cire tsaba sai suka matso kusa, 6 da 5.5 da 4. Wannan matsowar ita ce alamar farko cewa kamfanonin da ka zaɓa da gaske takwarori ne. In ka gyara bashi kuma har yanzu ɗaya yana 3 ɗaya yana 14, to ba bashi ba ne matsalar, ka haɗa kamfanonin da ba su yi kama ba, ko kuma ɗaya farashinsa na allo ba na gaskiya ba ne don kusan ba a cinikinsa. Wannan na ƙarshen yana faruwa sosai a kasuwar Legas inda kamfanoni da dama mai su ɗaya ne ke riƙe da mafi yawan hannun jarin, ɗan abin da ke yawo a hannun jama'a shi ke yanke farashi.

Mai gaggawa zai ɗauki na tsakiya, 5.5, ya ninka da 4 ya samu biliyan 22. Sai ya buɗe takardun kamfanin shinkafar ya ga bashin banki biliyan 7, tsaba biliyan 1.5, ya cire 5.5, ya ce wa mai saye hannun jarin ya kai biliyan 16.5. Tsarin lissafin daidai ne, amma lambar ba daidai ba ce, kuma a nan ne aikin gaske yake, domin kalmar bashi a wannan lissafi ta fi abin da akanta ya rubuta a layin da aka sa wa suna bashin banki faɗi nesa ba kusa ba.

Abu na farko da nake nema shi ne dala. Kamfanin ya sayo injin gyaran shinkafa daga waje, saura dala miliyan 2 bai biya mai injin ba, kuma an ajiye wannan a cikin layin kuɗin 'yan kawo kaya, tare da masu kawo buhu da dizal, shi ya sa ba a gan shi a matsayin bashi ba. Amma kuɗin inji ba kuɗin buhu ba ne, ba ya juyawa da ciniki, bashi ne kawai da aka sa wa wata riga. Kuma da wane canji za a lissafa shi? Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, dala miliyan 2 bai kai biliyan ɗaya ba, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, wannan bashin dai ya zama biliyan 3 ba tare da an ƙara cin ko kwabo ba. Manyan kamfanoni irin su MTN Najeriya da Nestlé Najeriya wannan abin ne ya jefa su asara a 2023 duk da cinikinsu na tafiya, to ina ga ƙaramin kamfanin da littafinsa ba kullum ake sabunta canji a ciki ba. Da canjin ranar ciniki ake lissafi, don shi ne mai saye zai biya. In mun ɗauki 1,500, bashi ya ƙaru da biliyan 3.

Sai giratutin ma'aikata da aka yi alkawari ba a ware masa kuɗi ba, a ce rabin biliyan, shi ma sabon mai kamfani ne zai biya, don haka ya shiga. Haka harajin shekarun baya da aka tara ba a biya ba in akwai, haka kuɗin da Alhaji mai kamfanin ya ranta wa kamfanin daga aljihunsa in har zai karɓi abinsa ranar sayarwa, wannan dole a zauna a yi magana a fili tun farko ko jari ne ko rance, don na ga ciniki ya watse a kan wannan tambayar kaɗai. Kuma wani abu da mutanenmu ke yawan tambaya, in kamfani bai ci bashin ruwa ba, da murabaha ko ijara ko sukuk ya yi aiki ta bankin Musulunci fa? A wannan lissafin suna shiga layi ɗaya da bashi. Ba maganar hukuncinsu ake ba, maganar ita ce akwai wani da za a biya kuɗi tsayayye kafin masu hannun jari su taɓa komai, duk abin da ke da wannan siffar cire shi ake yi.

Ita ma tsabar sai an tambaye ta ta waye. Biliyan 1.5 ɗin nan, da aka bincika sai aka ga biliyan ɗaya kuɗin diloli ne da suka biya tun kafin a ba su kaya, wato shinkafa ake bin kamfanin, ba kuɗinsa ba ne da zai iya ɗauka ya biya banki. Tsabar gaske rabin biliyan ce. Kuma a sana'ar da ke bin kaka ranar da aka rufe littafi tana da tasiri ƙwarai, kamfanin shinkafa dab da kaka asusunsa cike yake don ya sayar da kaya yana jiran sayen shanshera, bayan wata biyu kuɗin sun zama buhuna a sito, bashin banki kuma ya kai ƙololuwa. Mai wayo zai nuna maka takardar watan da ya fi masa kyau. Maganinsa ka nemi bayanan banki na wata goma sha biyu ka ɗauki matsakaicin bashin shekara, ba na rana ɗaya ba.

Yanzu a sake tarawa, 7 na banki da 3 na inji da rabi na giratuti, 10.5 kenan, a cire rabin biliyan na tsabar gaske, ragowar bashi biliyan 10. Daga 22 a cire 10, hannun jari ya koma 12, ba 16.5 ba. Ba mu taɓa ninkin ba tukuna, biliyan huɗu da rabi sun tafi. Sai dai adalci ya wajaba, duk tsefewar da ka yi wa kamfanin da ake sayarwa sai ka yi wa takwarorin ma irinta daga bayanan ƙarshen rahotonsu na shekara, in ba haka ba ka auna su da mudu ɗaya ka auna shi da wani. In takwarorin ma suna da giratuti da bashin dala da ba ka ƙara ba, EV ɗinsu ya fito ƙasa da gaskiya, ninkin ya ragu, ka zalunci mai sayarwa sau biyu.

Maganar mudu ɗaya ta fi fitowa a haya. Tun Janairun 2019 ƙa'idar akanta ta IFRS 16 ta sa kamfanoni su daina rubuta hayar dogon lokaci a matsayin kuɗin gudanarwa, ta koma kamar bashi a takardar kadara, kuɗin da ake biya kuma ya rabu zuwa ruwa da tsufa, dukansu a ƙasan EBITDA. Ma'ana EBITDA ta kumbura ba don an ƙara ciniki ba. A kamfanin sadarwa irin MTN da ke hayar turakun sabis daga IHS wannan ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya ɗauki EBITDA ɗinsu ya manta da nauyin hayar a EV zai ga kamar kamfanin banza ake bayarwa. A namu misalin, a ce kamfanin shinkafar na biyan hayar sito miliyan 400 a shekara kuma akantansa ya cire ta tun a sama. Mai sayarwa zai ce a mayar da ita tunda haka manyan ke yi, EBITDA ta zama 4.4, a ninki 5.5 darajar ta ƙaru da biliyan 2.2. Ba laifi, yana da gaskiya, amma da sharaɗin a ƙara nauyin hayar shekarun da suka rage a cikin bashin da za a cire. Ko dai haya ta fita daga riba kuma kar ta shiga bashi, ko ta dawo cikin riba kuma ta shiga bashi, a duk kamfanonin huɗu iri ɗaya. Ni na fi son ta farkon a ƙananan kamfanoni don ta fi wuyar murɗawa, kuma a kanta lambobin misalin nan suke.

Saura tambaya mafi wuya, shin 5.5 ɗin ma ya dace? Tushen wannan hanya gaba ɗaya shi ne ra'ayin masana tattalin arziki Modigliani da Miller na 1958, cewa darajar sana'a ba ta canjawa don an canja yadda aka raba ta tsakanin bashi da jari. Amma su kansu sun gina shi ne a kan duniyar da ba haraji kuma ba asarar durƙushewa, kuma a 1963 sun dawo sun gyara maganar haraji. Kuɗin ruwa ana cire shi kafin haraji, kamfanin da ya biya ruwa biliyan 5 ya tsira da harajin biliyan 1.5, don haka ɗan bashi daidai gwargwado yana iya ƙara wa EV ɗan wani abu. In ya yi yawa kuma sai ya fara cin sana'ar kanta. Kamfanin da banki ya shaƙe ba ya iya sayen shanshera da yawa lokacin da take araha, sai ya riƙa saye kaɗan-kaɗan da tsada, ana ɗage gyaran inji, masu kawo kaya su ce sai kuɗi hannu, diloli su ji tsoron biya kafin kaya, manajoji masu kyau su fara neman wani wuri. Duk wannan yana rage ribar gobe, kasuwa kuma tana gani.

Abin da ke damun takwara na uku kenan. Ragowar bashinsa 31 a kan EBITDA 10, ya haura ninki uku. A ƙasar da ruwa yake kashi 5 ko 6 wannan ba abin tada hankali ba ne, amma a kashi 25 kuɗin ruwansa kaɗai ya wuce biliyan 8 daga cikin 10, kafin haraji, kafin a canja ko bel ɗin inji. Shi ya sa ba na yarda da a ce ninki uku na bashi lafiya ne haka kawai, ka duba sau nawa riba ke rufe kuɗin ruwa, ita ce ke faɗin gaskiya a nan. Ninkinsa na 4 ba farashin sana'ar abinci ba ne, farashin sana'ar abinci ce da ke cikin matsi. Ƙari a kan haka 4 ɗin ma wataƙila ya zarce gaskiya, domin mun ƙara bashinsa a yadda yake a littafi, 33, alhali in masu binsa da kansu sun san ba za su karɓi fiye da kobo 70 a kowace naira ba to darajar bashin a kasuwa wajen 23 ce, EV ya koma 30, ninki 3. A kamfani mai lafiya bashin littafi da na kasuwa kusan ɗaya ne shi ya sa ake amfani da na littafi ba damuwa, a mai ciwo kuwa sun rabu. Don haka ba na saka irin wannan a cikin matsakaici, ina ajiye shi gefe ne a matsayin alamar inda farashi ke zuwa in abu ya ɓaci.

To ina kamfanin shinkafarmu ya faɗa? Da lissafin farko ragowar bashinsa 5.5 a kan 4, ƙasa da ninki ɗaya da rabi, kusan daidai da takwara na biyu, sai 5.5 ya yi kyau. Da lissafin gaskiya kuwa 10 a kan 4 ne, ninki biyu da rabi, ya bar na biyu ya doshi na uku, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na bashin dala ne alhali shinkafarsa da naira yake sayarwa. A ganina ninki 5 ya fi dacewa, kuma wannan hukunci ne na mai kimantawa, ba wata dabara da za ta fitar maka da shi daidai, abin da ake bukata shi ne ka iya faɗin dalilinka a gaban ɗaya ɓangaren. EV ya zama 20, a cire 10, hannun jari biliyan 10. Lura da wani abu, ninki ya sauka da kashi 9 kawai, daga 5.5 zuwa 5, amma kuɗin masu kamfani ya sauka da kusan kashi 17, daga 12 zuwa 10, saboda bashi ba ya raguwa, duk girgizar a kan hannun jari take sauka. Iya yawan bashin iya girman wannan, shi ya sa a kamfani mai bashi ba na ba da lamba ɗaya, sai in ce tsakanin 10 da 12, in nuna abin da ke kai shi kowane gefe.

Mai sayarwa yana da amsa mai ƙarfi a nan kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce ai mai sayen zai biya bashin nan duka ranar farko ya zuba sabon jari, matsin zai tafi, me ya sa za a rage min ninki kuma a cire bashin, ba hukunci biyu ba ne a kan laifi ɗaya? In da gaske kamfanin gaba ɗaya ake saye kuma za a share bashin, kuma injinan ba su lalace ba, diloli ba su gudu ba, to yana da gaskiya, 5.5 ya fi kusa, a cire bashin sau ɗaya kawai. In kuwa kashi 20 mutum zai saya ya zauna da bashin yadda yake ba shi da ikon canja komai, to 5 ne ko ƙasa. Wato ninkin ya danganta da wane tsarin bashi kamfanin zai rayu da shi bayan ciniki, ba wanda yake da shi jiya ba. Haka in cikin biliyan 7 ɗin akwai rance mai sauƙi irin na Bankin Masana'antu ko tsare-tsaren Babban Banki da aka riƙa bayarwa a kashi 9, nauyinsa na gaske bai kai lambar littafi ba, biliyan 3 da za a biya bayan shekara biyar a kashi 9 lokacin da kasuwa ke kashi 25 darajarsa ta yau wajen biliyan 1.7 ce. Amma kafin a ba mai sayarwa wannan rangwamen sai a karanta yarjejeniyar, in an rubuta cewa ranar da kamfani ya canja hannu za a biya duka, to 3 ɗin ce cif.

Akwai ragin da ake yi don kamfani ƙarami ne kuma ba a iya sayar da hannun jarinsa cikin sauƙi, wannan maganar daban ce ba ta bashi ba, kar a cusa ta cikin wannan. Kuma duk hanyar nan ba ta aiki a kan banki ko kamfanin inshora, su kuɗin mutane da bashi su ne kayan sana'arsu, ba a raba su da aiki.

Ko a labaran ciniki ka riƙa duba wace lamba aka faɗa. Lokacin da Holcim, mai harkar siminti, ta sanar a Disambar 2024 cewa za ta sayar wa Huaxin ta China kasonta na kusan kashi 84 a kamfanin siminti na Lafarge Africa da ke Najeriya, dala biliyan ɗaya da aka ambata darajar hannun jari ce a kan kashi ɗari na kamfanin, ba EV ba ce, kuma ba ita ce abin da Holcim za ta karɓa a kasonta ba. Wanda zai yi amfani da wannan cinikin ya auna simintin Dangote ko na BUA sai ya fara buɗe rahoton Lafarge na lokacin, ya ƙara bashi da haya, ya cire tsaba, ya juya dalar da canjin ranar, sannan ya raba da EBITDA, in ya zo kan ɗayan kamfanin kuma ya cire nasa bashin da wannan mudun dai.